Yadda ake fassara resifin Turanci zuwa Hausa ba tare da kek ya zama dutse ba: mu gwada da kek ɗin ayaba

Kwanakin baya goggona ta ga hoton wani kek na ayaba a wayata tace sai na rubuta mata yadda ake yi da Hausa, ita bata jin Turanci amma a hannu babu abinda za a nuna mata, in tayi alkaki ko nakiya sai kin rantse injin ne ya yi. Na zauna na fassara mata layi bayan layi a cikin minti goma ina jin kaina. Washegari ta turo min yaro da abu a ƙunshe cikin leda, na yanka da ƙyar, cikinsa a cushe kamar tuwon jiya, ga wani ɗanɗano a ƙarshen harshe kamar an wanke kwanon da sabulu ba a ɗauraye ba. Na kira ta nace Goggo wane kofi kika auna da shi, tace “ke 'yar nan kofi kika rubuta, na ɗauki kofin shayin Malam na auna.” Kofin nan na san shi, ya kusa cin rabin lita. Sannan inda aka rubuta buttermilk ni na saka mata “madara da bota”, ita kuma ta narka bota a madara ta zuba. Laifin duk nawa ne, kalmomin na juya mata, aikin da kowanne abu yake yi a cikin kwaɓin ko ta kansa ban bi ba.

To wannan resifin zamu sake bi tare daga farko. Ga shi kamar yadda zaki gan shi a waya:

```
2 cups all-purpose flour
1 tsp baking soda
1/2 tsp salt
1 stick unsalted butter, softened
3/4 cup packed brown sugar
2 large eggs
1 1/2 cups mashed ripe bananas
1/3 cup buttermilk
1 tsp vanilla extract
1/2 cup chopped walnuts
350°F, 9x5 loaf pan, 55-60 min
```

Mataki na farko: ki gano daga ina resifin ya fito

Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya ki duba wannan, don awo ba ɗaya bane a ko'ina. In kika ga cups da stick da zafi mai alamar °F, to na Amurka ne, kofinsu mililita 240 ne in an cike lissafi, ainihinsa 237. 'Yan Birtaniya su da giram suke rubutawa, zafi kuma °C ko gas mark. Na Ostireliya kofinsu 250 ne, kuma babban cokalinsu mil 20 ne, na sauran wurare 15, a wajen sukari wannan ba zai dame ki ba amma a wajen abin tashi zai iya ɓata miki aiki. Ƙaramin cokali dai mil 5 ne, shi aka rubuta tsp, babba kuma tbsp. Ki kula da waɗannan biyun don harafi ɗaya ne ya raba su, babban ya ninka ƙaramin sau uku.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da suke ɗauko resifin Faransanci su kuma nasu tarkon daban, levure chimique bekin foda ne, levure boulangère yis ne na burodi, in aka gajarta aka rubuta levure kawai sai kin duba ko an ce a bar kwaɓin ya tashi kafin ki san wanne ake nufi.

Sunan abincin ma sai kin tsaya a kansa. Su banana bread suke cewa, in kika rubuta “burodin ayaba” mai karantawa zata fara neman yis ta rufe kwaɓi tana jiran ya kumbura, alhali babu yis a ciki ko ɗigo. A wajenmu wannan kek ne, don haka ki rubuta kek ɗin ayaba ki huta.

Mataki na biyu: ki samu ma'auni ɗaya da kowa yake da shi

Kalmar “kofi” ita kaɗai kada ki bar ta a fassara, don kofi a gidan Bahaushe daga ɗan na shan magani har na silba na shan ruwa duk kofi ne. Hanya biyu ce. Ko ki mayar da komai giram saboda masu sikeli, ko ki mayar da shi gwangwanin madara saboda marasa shi, ni dukka biyun nake rubutawa gefe da gefe.

Gwangwanin madarar ruwa ƙarami, wanda ake auna shinkafa da gero da shi, na auna na gidanmu ya ci mil 160, wato ɗaya da rabinsa shine kofin Amurka ɗaya. Amma ki auna naki da kanki don gwangwanayen ba girmansu ɗaya ba, na yanzu wasu sun fi na da ƙanƙanta. Ki siyo sirinji mai mil 20 a kemis, ki ringa zuƙo ruwa kina zubawa kina ƙirgawa, in ya cika a zubi takwas to 160 ne. In kuma kofi kike so ki ware na kek, zubi 12 ne 240, sai ki ja layi da wuƙa ko fenti a daidai wajen. In babu sirinji, ruwan leda ɗaya rabin lita ne, ki raba shi daidai a kofi biyu iri ɗaya, kowanne ya samu 250, ki kwashe ƙaramin cokali biyu kin samu 240. Ƙaramin cokalin ma kada ki dogara da na shan shayi, wasu manya ne wasu ƙanana, ɗan cokali ko ɗan murfin awo da yake zuwa da maganin tari na yara akwai layin mil 5 a jikinsa, ki wanke shi ki ajiye.

Yanzu lissafin. Fulawa kofi biyu mil 480 ne, gwangwani uku cif, a sikeli giram 250 ko ƙasa da haka kaɗan. Nan akwai abinda resifin bai faɗa ba don yana ganin kowa ya sani: ba a tsoma gwangwani cikin buhu a danno fulawa. Ki tankaɗe ta ko ki motsa ta ta saki, ki ringa ɗiba da cokali kina zubawa har ta yi tozo, sannan ki shafe saman da bayan wuƙa. Kofin da aka cika haka giram 120 zuwa 125 yake, wanda aka danna kuwa yana iya kai 150, a kofi biyu kin ƙara kusan rabin kofi kenan baki sani ba. Mu kuma a kasuwa mun saba awo da tozo, mai awo in ya shafe miki sai kice ya cuce ki, don haka dole ki rubuta “a shafe, ba tozo” a fassarar, in ba haka ba goggo da tozonta zata auna.

Abin mamaki sukarin nan shi kuma akasin haka ake masa. Kalmar packed tana nufin a danna shi sosai a cikin kofin har in an kife ya fito da siffar kofin. Kashi uku cikin huɗu na kofi mil 180 ne, gwangwani ɗaya da babban cokali ɗaya da ɗoriya kaɗan, wajen giram 160. Kin ga kenan lamba ɗaya ba zata yi wa komai ba, kofin fulawa 125, kofin farin sukari 200, duk kofi ɗaya ne amma nauyi daban, kada ki ga “kofi ɗaya giram 240” a wani waje ki bi, wannan na ruwa ne da madara.

Bota kuma stick ɗaya giram 113 ne, rabin kofi, babban cokali takwas. In kina da botar kek ta leda mai giram 250, ki raba ta biyu ki cire babban cokali ɗaya daga rabin, shikenan.

Ayaba da ƙwai su ƙirga ce take yaudara. Resifi da yawa zasu ce ayaba uku, amma tasu manya ce, tamu ƙananan nan masu zaƙi sai ki haɗa biyar ko shida kafin ki kai. Wannan ya taimake mu ya faɗi awo, kofi ɗaya da rabi bayan an dame, gwangwani biyu da kwata, wajen giram 340. Ki rubuta awon, ki saka ƙirgar a matsayin kintace. Ƙwai babba nasu giram 50 ne in an cire ɓawo, ƙwan gidan gona madaidaici ya yi, in na kajin Hausa ne ko na zabi ki saka uku a madadin biyu.

Mataki na uku: kafin ki canza abu, ki tambayi aikinsa

Nan ne ainihin aikin, kuma nan na faɗi da goggo. Duk abinda babu shi a kasuwarmu kada ki tambayi “me yayi kama da shi”, ki tambayi “me yake yi a cikin kwaɓin”. Wani ɗanɗano kawai yake bayarwa, shi wannan ki canza yadda kika ga dama ko ki cire. Wani kuma shi yake riƙe da ginin, in kika taɓa shi sai kin taɓa abokinsa.

Mu fara da buttermilk. Babu bota a cikinsa, madara ce mai tsami mara maiƙo, asalinsa ruwan da ya rage bayan an kaɗa madara an cire mai, wato dai abinda muke cewa tsala. Aikinsa tsamin nan ne. Bekin soda shi kaɗai baya tashin kek sai ya haɗu da abu mai tsami, suna haɗuwa sai iska ta fito ta ɗaga kwaɓin. Da na rubuta wa goggo madara da bota na cire tsamin, sodan da bai samu abokin aiki ba ya zauna a ciki, ɗanɗanon sabulun nan shi ne, ga kuma maiƙo da na ƙara mata a banza.

Mafi sauƙi ki saka nono, mil 80, rabin gwangwani. Ki ɗanɗana tukun ki ji da tsami a bakinki, ki tace shi, in kindirmo ne mai kauri ki sirka da ruwa kaɗan ki burge har ya zama yana zuba kamar kunu mara kauri. Nonon da aka cika masa ruwa har ya zama salam ba zai yi ba. Yogot mara sukari ma yana yi, mai zaƙi da kala na roba kuwa ki bar wa yara. In duk babu, ki dama madarar gari babban cokali ɗaya da rabi a ruwa rabin gwangwani, ki matsa ruwan lemon tsami ƙaramin cokali ɗaya, ki ajiye minti goma, zaki ga ya ɗan tsinke yayi gudaji ƙanana, to bai lalace ba haka ake so. Ƙa'idar dai babban cokali ɗaya na lemon tsami ko farin binega ga kofi ɗaya na madara, mu sulusin kofi muke so shi yasa ya dawo ƙaramin cokali.

Sai shi kansa sodan. A shaguna da yawa in kika ce soda bekin foda za a miƙo miki, wani lokaci ma a ƙulle a farar leda babu suna, dukkansu farin gari ne ido baya rabewa. Ki gwada: ki ɗebi kaɗan ki zuba a ruwan da ba zafi, in ya yi kumfa bekin foda ne, don shi da tsaminsa a jikinsa yake zuwa. In ya kwanta shiru sai ki ɗiga lemon tsami, in ya taso fuu to soda ne. Wanda bai motsa ba a dukka biyun ya mutu, ki zubar. Soda ya fi foda ƙarfi kamar sau uku, saboda haka in foda kawai gare ki, ƙaramin cokali uku zaki saka a madadin ɗaya na soda, kek ɗin zai tashi sai dai ba zai yi duhun nan mai kyau ba, zai fito da haske kuma tsamin nonon zai ɗan fito. Ki rubuta wannan a fassarar ƙarara, don mai karantawa in ta ga soda cokali ɗaya ta saka foda cokali ɗaya, kek ɗinta a kwance zai fito.

Akwai wacce ta taɓa ce min ai sai a saka ruwan kanwa tunda a masa ma ana sakawa ta kashe tsami. Gaskiya ne kanwa dangin soda ce, amma ƙarfinta ba ɗaya bane, wannan dunƙulen daban wancan daban, ga ƙasa a ciki. A ƙullun masa kina zubawa kina ɗanɗanawa kina gyarawa, kek kuwa in ya shiga wuta ya shiga. Ni dai bana rubuta ta a madadin soda.

Yanzu brown sugar, wannan farin sukari ne da aka bar masa ko aka mayar masa da baƙin ruwan rake, yana ba da danshi da ƙamshi da launi, yana kuma da ɗan tsami-tsami da yake taya soda aiki. A manyan kantuna ana samu amma da tsada, alhali ga mazarƙwaila a kasuwa, ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, ƙamshinta ma ya fi. Matsalarta biyu, tana dunƙulewa, kuma wata akwai ɗan tsakuwa ko ɓurɓushin rake. In dunƙule ya shiga kwaɓi zai narke a wuta ya bar rami mai danƙo a cikin kek. Yadda nake yi, ina goga ta a abin goga kuɓewa, giram 60, in haɗa da farin sukari giram 100 in ɗan daka su tare a turmi, farin sukarin yana hana ta manne wa juna, sai in tankaɗe a rariya mai faɗin ido. A gwangwani, farin sukari rabi kenan da babban cokali biyu da rabi, sai gogaggiyar mazarƙwaila babban cokali huɗu a danne. Zaki iya yi da ita zalla amma ƙamshinta yana danne na ayabar, ni ban fi son haka ba. Farin sukari zalla ma zai yi tunda ga nono ga ayaba suna ba soda tsami, sai dai kek ɗin zai fi saurin bushewa.

Bota an ce unsalted, mara gishiri, tamu ta kek kuwa yawanci da gishirinta, ki ɗanɗana, in akwai ki rage gishirin resifin zuwa kwatan cokali. Botar shafa wa burodi mai taushin nan ta roba ruwa ya yi mata yawa, bata buguwa da kyau. Man shanu soyayye shi kusan mai ne zalla, bota kuwa kashi 80 cikin 100 ne mai sauran ruwa da madara, don haka giram 90 ya isa sai ki ƙara nono babban cokali ɗaya, amma ki sani ƙamshinsa zai fito sosai, wasu suna so wasu basa so. Man gyaɗa ma yana yi, babban cokali shida, kek ɗin zai yi laushi ya kwana biyu bai bushe ba, illa dai ba zai yi sakayau kamar na bota ba tunda mai baya riƙe iska in an buga shi da sukari.

Sauran biyun ba wani abu bane. Walnuts ɗan garas-garas kawai suke bayarwa, soyayyar gyaɗa mara gishiri a murje a ɓarza ta yi, ko kashu, ko a bari gaba ɗaya, sai dai in gyaɗa kika saka ki faɗa wa masu ci don akwai waɗanda jikinsu baya karɓarta. Vanilla extract kuma filebon banila ne a wajenmu. Na Amurka na asali da sinadarin barasa ake jiƙa shi, dokarsu ma ta ce kada ya gaza kashi 35 cikin 100, don haka in na waje aka kawo miki ki karanta jikin kwalbar. Filebon kasuwa wani yana da ƙarfi har ya yi ɗaci, ki fara da rabin ƙaramin cokali.

Mataki na huɗu: kalmomin aiki

Kalmomin da suke zuwa a bayanin yadda ake haɗawa ƙamus baya taimako a kansu, in kika duba fold zai ce miki ninkewa, wa zai ninke kwaɓi? Abinda hannu zai yi zaki rubuta da kuma abinda ido zai gani. Softened ba narkakkiya ba, bota ce da in kika danna yatsa zai shiga amma tana nan a siffarta, a zafin bazara minti kaɗan a waje ya isa, da hunturu kuwa sai ta daɗe. Cream a nan ba kirim bane, ki rubuta “a buga bota da sukari da muciya har su yi haske su yi sakayau”, da hannu zai ci minti biyar zuwa goma. Fold kuma “a juya a hankali daga ƙasa zuwa sama, da zarar farin fulawa ya ɓace a tsaya”. Wannan “a tsaya” ɗin ki ja masa layi, don hannun da ya saba tuƙa tuwo da buga ƙullu baya son ganin gudaji, ita kuma fulawa in ta sha bugu bayan ta jiƙe danƙo take yi, kek ya fito da tauri da dogayen ramuka a ciki.

Mataki na biyar: wuta da gwangwanin gashi

In kika bar 350 a haka, mai obin zata duba taga nata a 250 ya tsaya, sai ta murɗa shi ƙarshe, waje ya ƙone ciki ɗanye. Lissafin shine:

```
°C = (°F − 32) × 5 ÷ 9
```

A cire 32 daga 350 saura 318, sau biyar 1590, a raba tara ya ba da kusan 177, sai a rubuta 180. A obin mai lambobi irin na Birtaniya lamba 4 ce, in mai fanka ne a ciki 160. A kunna shi minti 15 kafin kek ya shiga.

Gwangwanin 9x5 inci ne, santimita 23 da 13, mai tsawo irin na burodi, yana cin ruwan leda huɗu saura kaɗan. Da wannan zaki gwada duk mazubin da kike da shi, kuma kada kwaɓi ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfinsa. In mai faɗi ne zagayayye kwaɓin zai baje ya fi saurin gasuwa, ki fara dubawa daga minti 35, a ƙananan gwangwanaye kuwa minti 20 zuwa 25.

Goggo bata da obin, da yawa ma basu da shi, don haka fassarar da bata yi maganar tukunya ba rabi ce. Babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta ko tsakuwa kamar tsawon gaɓar yatsa, a ɗora wani abu da zai ɗaga gwangwanin kada ya zauna kan yashin kai tsaye, a rufe a bar ta ta ɗau zafi minti 15 sannan a rage wuta. Don gane zafin, ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki saka, in cikin minti biyar ta yi launin zuma to ya yi, in ta yi baƙi wuta ta yi yawa, in tana nan fara ki ƙara jira. Tukunya daga ƙasa take ba da zafi, shi yasa gindin kek yake ƙonewa sama fari fat, in a gawayi kike ki ɗora 'yan garwashi kan murfi. Kuma a daina leƙe, in babban gwangwani ne rabin awar farko kada a buɗe.

Ga abinda na sake rubuta wa goggo, kayan haɗin kenan:

Fulawa gwangwanin madara 3 a shafe ba tozo, giram 250
Bekin soda ƙaramin cokali 1, in babu bekin foda ƙaramin cokali 3
Gishiri kwatan ƙaramin cokali
Botar kek rabin leda a cire babban cokali 1, giram 113
Farin sukari giram 100 da mazarƙwaila giram 60, a daka a tankaɗe
Ƙwai 2, in ƙanana ne 3
Ayaba nunanniya luguf a dame, gwangwani 2 da kwata
Nono mai tsami rabin gwangwani
Filebon banila rabin ƙaramin cokali
Ɓarzajjiyar gyaɗa gwangwani ɗaya saura kwata, in ana so

A ƙasa na jera mata aikin yadda hannu zai bi, a fara ɗora tukunya a shafa wa gwangwani bota a barbaɗe da fulawa, a tankaɗe fulawa da soda da gishiri waje ɗaya, a buga bota da sukari, a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ayaba da nono da filebo su bi, fulawa a ƙarshe sai gyaɗa. Na ƙara mata layi ɗaya da babu a na Turancin, cewa da zarar an haɗa a saka a wuta kada a ajiye a tafi sallah a dawo, don soda yana haɗuwa da nono ya fara aiki, in aka bar shi iskar zata fice kafin ya ga wuta.

Mataki na ƙarshe: ki dafa daga takardar Hausar, ki rufe ta Turancin

Wannan karon kafin in aika mata sai da na yi da kaina, na kife wayar na bi abinda na rubuta kawai kamar ban taɓa ganin asalin ba, a nan na gano na manta ban faɗi yaushe ake zuba gishiri ba, sai na ƙara. Kek ɗin da kansa zai nuna miki inda fassarar ta karkace. In ya bushe yana marmashewa fulawa ta yi yawa, ki koma kan gwangwaninki da maganar tozo. In ya tashi sannan tsakiya ta lotsa, ko abin tashi yayi yawa ko an buɗe da wuri ko bai gasu ba. Layi mai danƙo a ƙasa kamar bai dahu ba yawanci ayaba ce ta wuce awo ko wuta tayi sanyi. Ɗanɗanon sabulu kuma kin riga kin san mai shi. Tsagewar da yake yi a sama ta tsawo ba aibi bace, haka irin wannan kek yake. Ki soka tsinken tsire a tsakiya har ƙasa, in ya fito da ɗan ɓurɓushi busasshe ya yi, in da kwaɓi a jiki ki ƙara minti biyar, tsinken sakace gajere ne baya kai inda ɗanyen yake ɓuya.

Nawa a tukunya sai da ya ci awa ɗaya da minti goma, ya wuce abinda resifin ya ce, don haka a takardar goggo na goge lokacin na rubuta “a fara soka tsinke daga minti 50”. Da ta yi nata ta kira ni tace ya tashi har ya tsage, amma zaƙin ya yi mata yawa don ayabarta ta nuna har ɓawon ya yi baƙi, nace to Goggo in ayaba ta kai haka ki cire farin sukari babban cokali biyu, na ɗauko biro na ƙara wannan ma a gefen takardar tawa.